Ƙayar kifi a magaza: yadda munka bi sawun makarar kaya a Tawa

Magazan da zan yi magana a kanshi na wani ɗan kasuwa ne a nan Tawa, mai saida kayan masarufi a sari, shinkafa, sukari, man girki, taliya, sabulu, tumatirin gwangwani, irin su dai. Mafi yawan kayan daga Yamai suke zuwa cikin babbar kamiyo, tafiyar kusan kilomita 550, ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni, a Tsarnawa a karya a yi arewa. Daga magaza kuma ƙananan motoci biyu ke raba wa masu shaguna a Badagishiri, Illela, Keita, Buza da ƙauyukan da ke tsakani. Ni ke riƙe da lissafin gidan, shi ya sa takardun duka suke bi ta hannuna. Ba zan faɗi sunan kowa ba, aikin ne abin dubawa.

Daminar da ta wuce koke ya yi yawa, kullum sai an kira ana faɗa, an ce kaya za su zo Talata sai Alhamis, an ce yau sai jibi, har wata Hajiya mai babban shago wadda ta daɗe tana ɗaukar kaya a wurinmu ta fara raba kumandinta biyu, rabi gare mu rabi ga wani. Kuma abin da ya sa maganar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa shi ne kowa a gidan yana da amsarshi a aljihu. Alhaji, maigidan, ya ce direbobi ne, suna tsayawa shan shayi a hanya. Direbobi sunka ce ruwa ne da lalacewar hanya, mu yi yaya da ƙorama in ta kawo. Mai magaza, wato ma'aikacin da ke kula da fidda kaya, ya ce yaron da ke karɓar kumandi ne ke alkawarin banza. Har Alhaji ya fara maganar sallamar ƙaramin direban, shi ne na roƙe shi ya ba mu sati biyu mu zana abin a allo kafin a taɓa abincin wani.

Zanen da munka yi amfani da shi ana ce mishi ƙayar kifi, wasu su ce zanen Ishikawa, don wani malamin jami'ar Tokyo ne mai suna Kaoru Ishikawa ya yaɗa shi a masana'antun Japan, yana cikin littafinshi na 1968 kan kula da ingancin kaya. Duk wanda ya taɓa cin kifin Tabalak ya bar ƙayar a faranti ya riga ya san siffar. Ka ja dogon layi daga hagu zuwa dama, wannan shi ne ƙashin baya. A ƙarshenshi na dama ka zana akwati, kan kifin kenan, a ciki ake rubuta matsalar. Sai manyan ƙayoyi su fito a karkace sama da ƙasa, kowace ɗaya rukunin dalilai ce, a jikin kowace kuma a rataya ƙananan ƙayoyi, wato dalilan kansu, in dalili yana da nashi dalilin sai a ƙara mishi wata ƴar ƙarama. Zanen bai wuce haka ba, alli da allo sun isa. Wahalar tana wuri biyu, abin da za ka rubuta a kai, da yadda za ka raba ƙayoyin.

Kan kifin ya ci mana yini guda cur kafin ma a tara mutane. Da farko an so a rubuta "kaya suna makara" kawai, to amma makara daga yaushe? Sai munka gano ashe a gidan ba a taɓa yarda kan ma'anar ba. Ga yaron kumandi, in ya ce wa mai shago Talata, yana nufin mota za ta tashi Talata. Ga mai shago kuwa Talata na nufin kaya suna cikin shagonshi Talata, musamman in jajibirin kasuwar garinsu ce. Direba shi ba a ma gaya mishi ranar da anka yi alkawari, bon kawai ake miƙa mishi. Don haka munka yanke, kaya sun makara in ba a sauke su a ƙofar shago ba kafin magaribar ranar da anka faɗa wa mai su. Munka ɗauki ma'anar mai shago saboda shi ne ke biya kuma shi ne ke fushi.

Daga nan sai neman lamba. Babu wani kaye guda da ke da komi, sai da munka haɗa wuri uku. Saƙonnin murya na Watsap a wayar yaron kumandi sun ba mu ranar alkawari, tunda kowane saƙo da kwanan watanshi. Kwafin bon da mai shago ke sa wa hannu ya ba mu ranar da kaya sunka isa. Na uku kuma, wanda ba wanda ya taɓa tunanin zai yi amfani, kayen mai gadi ne, dattijon yana rubuta ƙarfe nawa kowace mota ta fita ƙofa da ƙarfe nawa ta dawo, shekara da shekaru, ba wanda ke karantawa. Da munka jera su, daga Yuli zuwa Satumba an kai kaya wajen gari sau 60, a ciki 22 sun makara. Sai munka rubuta a kan kifin: kai kaya 22 cikin 60 sun isa bayan magaribar ranar alkawari, shagunan wajen Tawa, Yuli zuwa Satumba. Na cikin gari munka bar su gefe da gangan, su da amalanke da mai taya uku ake kai musu, matsalarsu daban ce, in ka cusa su cikin kifi guda dalilan sai su cakuɗe.

Zaman kanshi an yi shi ranar Juma'a bayan la'asar a cikin magaza, mu takwas, direbobi biyu, karen mota guda, mai magaza, shugaban ƴan dako, yaron kumandi, mai gadi da ni. Alhaji na roƙe shi ya shigo a ƙarshe. Ba raini ba ne, kowa ya san in maigida yana zaune ba yaron da zai buɗe baki ya ce takarda ta kwana a teburinshi, sai dai a yi ta "haka ne Alhaji" har a tashi. Ya yi dariya ya ce to ku yi gulmarku ku gama.

Yanzu ga maganar rukuni. Wanda duk ya koyi wannan zane a makaranta da Faransanci an ba shi rukuni biyar da duka sunayensu ke farawa da harafin M, wato kayan da ake sarrafawa, kayan aiki, tsarin aiki, ma'aikata, da muhalli, wasu su ƙara awo ya zama shida. Yaron kumandi ya yi karatun, shi ya kawo su, munka rubuta su a allo munka fara. Ba a yi minti ashirin ba abin ya cije. Wani ya ce "bon ba ya fitowa da wuri", to ina za a sa shi, ma'aikata ne ko tsarin aiki? Wani ya ce sukari ya ƙare a magaza alhali an yi alkawarinshi, wannan kayan sarrafawa ne ko tsari ne ko awo? Sai gardama ta koma kan inda za a rataya magana maimakon ko maganar gaskiya ce. Sannan ƙayar "ma'aikata" ta cika maƙil da sunaye, wane malalaci ne, wane yana yawan waya, ƙaramin direban har ya miƙe zai fita. Waɗannan rukunan an yi su ne don masana'anta inda ake ƙera abu a inji, can suna zama daidai. Mu ba ma ƙera komi, buhu muke ɗauka daga nan mu aje can, kuma abin da ke lalace mana lokaci ne.

Sai munka goge. Tambayar da ta buɗe mana hanya daga babban direban ta fito, dattijo ne, Baba muke ce mishi, ya ce "ku dai ku bi buhun, daga sadda mai shago ya kira har sadda anka sauke mishi, hannu nawa yake bi?" Munka bi. Mai shago ya kira a karɓi kumandi a ba shi rana. A duba kuɗi ko bashi a fidda bon. A fito da kaya a yi lodi. Mota ta tashi. A bi hanya. A sauke a sa hannu. Mataki shida, sai sunka zama ƙayoyi shida: kumandi da alkawari, kuɗi da takardu, magaza da lodi, mota, hanya da yanayi, sai karɓa a wurin mai shago. Uku na farko munka sa su a sama, uku na ƙarshe a ƙasa, ba don ado ba, na sama duk abin da ke faruwa ne kafin mota ta fita ƙofa, na ƙasa kuma daga ƙofa zuwa gaba. Wannan rabon ya yi mana amfani sosai daga baya.

Yadda za ka gane rukunanka sun zauna, ni dai abu uku nake dubawa. In an faɗi dalili, mutanen ɗakin su nuna ƙaya guda ba tare da musu ba, in ana ta jayayya kan dalili bayan dalili to rukunan ne ke hawa kan juna. Na biyu, kowace ƙaya a samu mutum guda da zai iya tashi ya je ya duba ta, ta mota Baba, ta lodi mai magaza, ta takardu ni. Na uku kada a yarda a buɗe ƙaya mai suna "sauransu", don duk abin da anka ji ƙyuyar tunani a kanshi can za a jefa shi. Kuma ku lura ba mu yi ƙayar mutane ba sam. Ba wai mutane ba sa laifi ba ne, amma in direba ya tsaya awa biyu a hanya wannan yana shiga ƙayar hanya a matsayin "tsayawa mai tsawo", a je a duba, ba sai an rubuta sunanshi a allo gaban yara ba. Dokar zaman ita ce a rubuta abin da ya faru, wanda za a iya zuwa a gani. "Sakaci" ba ya shiga. "Bon bai fito ba sai bayan azahar" yana shiga.

Da anka canza rukunan, magana ta ɓalle, cikin awa guda allo ya cika, dalilai sun kai talatin da wani abu. Ba zan jera su duka ba. A ƙayar mota akwai taya, batir, da jiran gazuwal saboda ba a ba direba kuɗin mai sai ya zo tashi. A ta hanya akwai ƙorama da ke yanke hanya bayan ruwa, laka a hanyoyin burji na ƙauyuka, tsayawa a shingayen bincike, da kuma dokar gidan ta cewa mota mai kaya ba ta tafiyar dare. A ta karɓa, mai shago ya rufe ya tafi, ko ba ƴan sauke kaya. A ta lodi shugaban ƴan dako ya kawo biyu masu kyau, ya ce ranar Lahadi kasuwar Tawa ke ci, yaranshi duk can suke tafiya don dako ya fi tsada, sai a bar shi da mutum biyu, kuma ya ce sau da yawa ana loda kayan garin farko a can ƙuryar mota, in an isa sai an sauke rabin mota a fiddo su a maida.

Inda munka daɗe shi ne ƙayar takardu, saboda mai gadi ya ce wata magana a hankali, "ni dai motar da ta fita kafin tara ban cika jin an kira ana faɗa ba." Sai na fara tambayar don mi, irin yadda aka san kamfanin Toyota da yi, ka tambayi dalili, in an ba ka ka sake tambayar dalilin dalilin, har ka taɓa abin da za a iya gyarawa. Don mi mota ke fita bayan azahar? Don ba a fara lodi da safe ba. Don mi ba a fara ba? Mai magaza ba ya fidda ko kwali guda sai ya ga bon da sa hannu, kuma gaskiyarshi, in kaya sunka ɓata shi za a kama. Don mi bon ba ya samun sa hannu da safe? Don Alhaji kaɗai ke sa hannu a duk bon da ke da bashi a ciki, kuma kusan duk na ƙauye da bashi. Don mi shi kaɗai? Nan ɗakin ya yi tsit, sai Baba ya ce shekarun baya an taɓa ba wani kaya masu yawa alhali tsohon bashi na kanshi, ya gudu da su, tun ranar Alhaji ya ce ba mai sakin bashi sai shi. Don mi to ba zai duba tun dare ya sa hannu ba? Don littafin bashin masu shaguna, na ainihi, wanda ya san wa ya kai iyakarshi wa bai kai ba, yana tare da shi, in ya tafi Yamai sayen kaya littafin ma ya tafi. Ka ga ƙaya guda ta haifi ƴaƴa biyar a jere, kuma ta ƙarshen ba ta da alaƙa da direba ko ruwan sama ko kaɗan.

Mun yi irin wannan a ƙayar kumandi ma, amma ta fi gajarta. Yaron yana ba da rana bisa kayan da ya ji an ce "suna hanya" daga Yamai, ba bisa abin da ke cikin magaza ba, saboda ba ya ganin kayen sitok, yana kulle a durowar mai magaza, shi kuma yana tsoron ya ce wa mai shago babu, kada ciniki ya tafi wani wuri. Babbar kamiyo kuwa in ta kwana a kasuwar Katako ta Yamai ko wani wurin lodi tana jiran a cika ta, ko ta yi pan a hanya, alkawarin ya riga ya karye tun kafin a rubuta bon.

To a nan ne mutane da yawa ke tsayawa, allo ya cika, a ɗauki hoto, kowa ya nuna ƙayar da ta fi yawan rubutu a ce ita ce matsalar. Kada ku yi haka. Zanen yana tara abin da ake zargi ne kawai, ba ya auna nauyi. A allonmu ƙayar hanya ce ta fi kowace cika, dalili tara a jikinta, saboda direbobi sun fi kowa labari kuma labarin ƙorama yana da daɗin bayarwa. Ƙayar takardu dalili huɗu ne kacal. Yawan rubutu yana nuna wa ya fi magana a ɗakin, shi kenan.

Don haka sati na biyu munka koma kan 22 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, kowanne da bon ɗinshi da saƙonshi da layinshi a kayen mai gadi, muna tambaya a wane mataki ne abu ya fara karkacewa. Wannan kalmar "fara" ita ce dokar ƙirgar, kuma ga dalili. Akwai wani kai kaya na watan Agusta zuwa wani ƙauye bayan Keita, kowa ya tuna shi a matsayin ranar da ƙorama ta tare mota, kuma gaskiya ta tare ta, ƙaramin direban ya kwana a bakin ruwa. Amma kayen mai gadi ya nuna motar ta fita ƙarfe 3 da rabi na yamma, ruwan kuma da la'asar sakaliya ya sauka, kamar yadda ruwan damina ya saba yi mana. Da ta fita ƙarfe 8 na safe da ta sauke ta dawo gida kafin hadari ya haɗu. Bon ɗin ranar an sa mishi hannu bayan azahar. To wannan a ƙayar takardu munka ƙirga shi, ba a ta hanya ba. Wannan ma wata iyaka ce ta zanen da ya kamata a sani, ƙayoyin a rabe suke, kowace tana tafiya kai ita kaɗai, ba ya nuna maka cewa dalilin sama ne ya jefa mota cikin dalilin ƙasa. Mu da jan alli munka ja kibiya daga takardu zuwa ƙorama don kada a manta.

Ga yadda ƙirgar ta fito. Kuɗi da takardu 8, a ciki 6 jiran sa hannun bon ne, 2 kuma jiran a tabbatar kuɗin da mai shago ya turo sun shigo. Kumandi da alkawari 5, duka alkawarin kayan da ba su iso magaza ba. Magaza da lodi 3. Hanya da yanayi 3, waɗannan su ne na gaske, mota ta fita da sassafe amma ruwan daren jiya ya riga ya yanke hanya. Mota 2. Karɓa 1. In ka haɗa ƙayoyin sama uku, 16 cikin 22 sun lalace ne tun mota tana cikin gida direba yana zaune a inuwa yana jira. Maganar shan shayi kuwa, mun duba lokacin fita da na dawowa na duka tafiye-tafiyen, ba mu samu ko ɗaya da tsayawar direba ta jawo makara ba. Don mu ƙara tabbatarwa, na ɗauki shidan nan na sa hannu na duba ina Alhaji yake a ranakun, biyar yana Yamai ko yana hanyar dawowa, ɗaya ya tafi ta'aziyya. Sannan na duba ta ɗaya gefen, wanda mutane kan manta, wato kai kaya 38 da ba su makara ba, in zarginmu gaskiya ne ya kamata a ga yawancinsu sun fita da safe. 33 sun fita kafin ƙarfe 10.

Gaya wa Alhaji shi ne aikin da kowa ya zame ya bar mini. Ban ce mishi komi kan laifi ba, na kai shi gaban allo na bi da shi daga kan kifin zuwa ƙayar takardu, ƙaya bayan ƙaya, ya karanta da kanshi har ya kai kan "littafin bashi yana tafiya Yamai". Ya daɗe yana kallo, sai ya ce "wato ni ne kifin kenan." Na ce a'a Alhaji, dokar da kunka sa tana da dalilinta, kuma ta tsare dukiya, littafin ne dai guda ɗaya kuma ba ya iya zama wuri biyu. Bai yarda ya saki littafin ba, kuma ban matsa ba. Abin da anka daidaita a kai shi ne duk daren Asabar zai rubuta mini takarda guda, sunan kowane mai shago da iyakar bashin da za a iya ba shi a satin, wani jikka 300 wani jikka 800, in kumandi bai wuce iyakar ba ni zan sa hannu tun yammacin jajibiri, in ya wuce a kira shi a waya, in bai ɗauka ba a kira mai shago a gaya mishi gaskiya tun da wuri a canza rana. Na biyu, mai magaza zai rubuta sitok na manyan kaya goma a ƙaramin allo bakin ƙofa kowace safiya, yaron kumandi ba zai ba da rana kan abin da ba ya allon ba, in kaya suna hanya ya ce suna hanya, zan kira ka in sun sauka. Na uku mai sauƙi, a daina sa tafiyar nesa ranar Lahadi, kuma a rubuta jerin garuruwa a bayan bon don na ƙarshen sauka su fara shiga mota. Ranar alkawari ma yanzu ana rubuta ta a saman bon da manyan baƙaƙe, direba ya san abin da anka faɗa wa mai kaya.

Sauran dalilai ashirin da wani abu da ke allon ba mu taɓa su ba. Wasu ba a hannunmu suke ba, ba mu da ikon gina gada. Wasu kuma gaskiya ne suna faruwa amma ba su jawo ko ɗaya cikin 22 ba, to gyara su zai ci kuɗi da lokaci a banza.

Daga Oktoba zuwa Disamba an kai kaya sau 58, 9 sun makara. Alhaji ya ji daɗi, amma ni ban yarda a ɗauki 22 zuwa 9 haka a dunƙule ba, don damina ta wuce, ukun nan na ƙorama ko ba mu yi komi ba da sun tafi da kansu. Amfanin rukunan shi ne za ka iya kwatanta ƙaya da ƙaya. Takardu ta sauka daga 8 zuwa 2, biyun kuma duka kumandi ne da sunka wuce iyaka aka rasa Alhaji a waya. Lodi daga 3 zuwa 1. Kumandi daga 5 zuwa 3 kawai, nan gyaran bai kama sosai ba, da na bincika sai na tarar allon sitok ana rubuta shi da safe amma ba a gogewa in an saida kaya da rana, sai yaron ya yi alkawarin buhun da ya riga ya fita, yanzu mun ce a sabunta shi bayan azahar ma. Hanya da karɓa babu ko ɗaya. Mota kuwa ta hau daga 2 zuwa 3, kuma duka ukun tsohuwar motar ce, ita da ƙaramin direban ke ja, biyu a ciki ruwan injin ne ya tafasa.

Wannan ta mota ba mu tsaya muna ƙara mata ƙananan ƙayoyi a tsohon allo ba, an goge an zana mata kifinta daban, a kai an rubuta tsohuwar mota ta tsaya a hanya sau 3 cikin wata uku, kuma a nan rukunan masana'antar nan da munka ajiye sun dawo sun yi aiki, tunda yanzu maganar inji ce, kayan gyara, yadda ake duba ta kafin tashi, nauyin da ake ɗora mata, zafin hanya. Makaniken da ke gyara ta zai zauna a zaman, shi da Baba da ƙaramin direban, kuma an ce ya zo da duk rasit na gyaran da ya yi mata tun farkon shekara.